Sandar da aka sake daga kwance: omega da ƙarfin da ke kan ƙusa

Salam 'yan uwa, ga lissafin nan na sanda da muka yi ta musu a kansa jiya a Samaru har aka kira magariba ba mu gama ba, na zauna da daddare na warware shi a tsanake, ku duba da biro a hannu.

Tambayar: sanda ce miƙaƙƙiya, kaurinta ɗaya daga farko har ƙarshe, tsawonta L = 1.2 m, mas ɗinta M = 2 kg. An rataye baki ɗaya a ƙusa wadda ba ta da goga ko kaɗan, an riƙe ta a kwance sai aka sake ta. A nemo omega lokacin da ta miƙe tsaye a ƙasa, da ƙarfin da ƙusar ke yi mata a wannan lokacin. g = 9.8 m/s².

Da enaji za mu fara, tunda ƙusar ba ta motsi ba wani aiki da take yi, nauyi ne kawai ke aiki. Tsakiyar sanda ce ake bi, kuma tsakiyar rabin tsawo kawai ta sauka, L/2, ba L ba. To enajin da aka samu MgL/2 ne, shi ne ya koma na juyi:

Mg(L/2) = ½ I ω²

I ɗin nan na sanda mai juyawa a bakinta ne, I = ML²/3. Wanda ya haddace ML²/12 kawai, wannan na tsakiya ne, sai ka ƙara masa M(L/2)², wato ML²/4, su ba ka ML²/3. Ka sa shi a ciki M ya tafi, L ɗaya ya tafi:

ω² = 3g/L
ω² = 3(9.8)/1.2 = 24.5
ω ≈ 4.95 rad/s

Kun ga mas bai shigo ba sam, ko kara ne ko rodi, in dai tsawonsu ɗaya kuma ba a lissafa iska ba, omega ɗaya za su iso da shi.

Sai ƙarfin ƙusa, nan ne ake zubar da maki. A ƙasan, tsakiyar sanda tana kan da'ira mai radiyos L/2, don haka tana da asalareshan da ke kallon ƙusa, wato sama:

a = ω²(L/2) = (3g/L)(L/2) = 3g/2

Ƙusa na ja sama da R, nauyi na ja ƙasa da Mg, bambancinsu ne ke ba da wancan a ɗin:

R − Mg = M(3g/2)
R = 5Mg/2 = 2.5(2)(9.8) = 49 N, sama

Nauyin sandar 19.6 N ne kacal amma ƙusa tana ɗauke da ninki biyu da rabi. Na gefe kuwa sifili ne, domin a daidai wannan lokacin nauyi yana kan layi ɗaya da ƙusa, ba abin da zai ƙara mata juyi ko ya rage, α = 0. Ku rubuta wannan jimlar a takardar amsa, layi ɗaya ne amma malamai na nemansa.

Yanzu ga inda Sadiya da Nura suka samo 58.8 N, kuma ni ma can na fara faɗawa, ba zan ɓoye ba. Sun tattara duka mas ɗin sun ajiye a tsakiya kamar dutse a bakin igiya, suka ce ½Mv² = MgL/2, sai v² = gL, ω² = 4g/L, R ya fito 3Mg. Lissafin ya yi kyau a ido amma sandar ba ɗigo ba ce, banda tafiyar da tsakiyarta ke yi ita kanta tana juyawa, kuma juyin nan yana cin nasa kason, kashi ɗaya cikin huɗu na enajin gaba ɗaya, ku gwada (ML²/12) a kan (ML²/3) ku gani. Shi ya sa 4 ya sauko 3. Abin da ke rikita mutum shi ne a mataki na biyu, na R − Mg, halal ne ka bi tsakiya kaɗai, a matakin enaji ne bai halatta ba.

Wani abu da ya ba ni mamaki, bakin sandar na ƙasa yana gudun ωL ≈ 5.94 m/s, alhali dutsen da aka sake daga tsayin 1.2 m da √(2gL) ≈ 4.85 m/s yake isowa. Baki ya fi dutse sauri, saboda ɓangaren da ke kusa da ƙusa bai samu gudu sosai ba, sandar kuma a sandare take, sai ta tura enajin can waje.

In an juya tambayar aka ce lokacin da aka sake ta, ω = 0 ne, α = 3g/2L, ƙusa kuma Mg/4 kawai take ɗauka, 4.9 N a namu. Nura, kai za ka yi mana wannan a allo ran Asabar bayan la'asar, ka zo da alli, na wancan makon ya ƙare.