Saƙo zuwa ga Maman Sadiya

Assalamu alaikum Maman Sadiya, barka da yamma. Ya gida, ya yara, ya Malam? Malamar su Sadiya ce ta aji shida. Na kira bayan la'asar wayar ba ta shiga ba, shi ya sa na ce bari in bar miki saƙo.

Don Allah kada hankalinki ya tashi, ba wani laifi ta yi ba. Rashin ganinta ne ya dame ni. Na duba rajista yau, a makonni 4 da suka wuce kwana 9 ba ta zo ba, kuma duk Alhamis tana ciki. Da farko na ɗauka zazzaɓi ne, tunda damina ce, yara da yawa sun kwanta. Amma ran Talata da na ja ta gefe na tambaye ta, sai ta sunkuyar da kai ta ce ba komai. Ban matsa mata ba, na ga gara in ji daga bakinki.

Lafiya dai ko? Idan jikinta ne, ko naki, ki faɗa mini. Idan kuma saboda kasuwar Maigatari ne ran Alhamis, tana taya ki sana'a ko rainon ƙannenta, wallahi ba abin kunya ba ne, kowa ya san halin da ake ciki. Sai mu zauna mu ga yadda za a yi, ko da zuwa za ta riƙa yi da safe ta samu lissafi da Turanci kafin tara. Littafi ne ko kayan makaranta, shi ma akwai abin da kwamitin makaranta kan taimaka da shi, ba tare da kowa ya ji ba. Wani lokacin kuma matsalar daga wajenmu take, wata ce ke tsokanarta a aji, ko wani malami ya yi mata tsawa ta tsorata. In haka ne ina so in sani, ni zan gyara.

Abin da ya sa na damu, yarinyar nan tana da ƙwaƙwalwa. Ita nake tayarwa ta yi wa sauran karatu a allo. Yanzu mun shiga raba manyan lambobi, darasi ne da kowane ke hawa kan na jiya, ga jarrabawar shiga ƙaramar sakandare a gabansu. Abin da ya wuce ta zan maimaita mata lokacin tara.

Ba sai kin rubuto ba, ki yi mini filashin kawai zan kira, ko ki turo saƙon murya. In kuma kin fi son mu yi magana ido da ido, zan iya leƙowa gida ran Asabar da hantsi, idan Malam ya amince. Maganar tsakaninmu za ta tsaya.

A gaishe mini da Sadiya, a ce mata ina jiranta gobe in Allah ya kai mu. Na gode, Allah ya raya mana su.