Bayanin Miƙa Aji 3B ga Malama Hadiza, Litinin 20 zuwa Juma'a 24 ga Janairu 2025

Assalamu alaikum, Malama Hadiza ƙanwata.

Na gode da kika karɓi ajin nan ba tare da an sha wahalar roƙonki ba, Allah ya saka da alheri. Kamar yadda na faɗa miki a ofishin hedimasta, ranar Talata za a yi wa Hajiyarmu aikin ido, ni ce kuma zan zauna da ita har ta ɗan warware. In Allah ya yarda ranar Litinin 27 ga wata ina aji. Na rubuta miki wannan ne don kada ki yi ta nemana a waya a kan ƙananan abubuwa, amma in wani abu ya taso ki kira ni bayan magariba, lambata tana wajenki.

Mukullin kabad yana hannun Malam Sani na 3A. A ciki za ki tarar da rajista, littafin shirin darasi, kwalin alli ɗaya da rabi, dasta, littattafan karatun Hausa guda 24, da wata jakar buhu mai tsinken tsintsiya da marafen kwalba. Littattafan nan yara uku ke haɗuwa a kan ɗaya. Ki ƙirga su kafin ki raba, ki sake ƙirgawa kafin a tashi, kuma ba a tafiya da su gida. Yara 68 ne a rajista, mata 37, maza 31. A sanyin nan da wuya ki samu fiye da 50 a lokacin asambule, sauran sai su riƙa shigowa ɗaya-ɗaya har wajen takwas da rabi. Shi ya sa nake kiran suna bayan darasin farko. Ki cike rajista da biro shuɗi a ranar, kada ki bari ta taru, don masu duba makarantu daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ba sa sanarwa kafin su zo, kuma ita suke fara tambaya.

Abin da ya fi damuna a tafiyar nan shi ne karatun safe. In komai ya cakuɗe miki, ki bar kowane darasi ya jira ni, amma kada ki bar wannan.

Na raba ajin gida uku, kuma sunayen tsuntsaye na ba su don kada wani yaro ya ji an ce masa daƙiƙi. 'Yan Balbela suna karanta labari su kaɗai. 'Yan Tantabara suna karanta jimla amma da tsayawa. 'Yan Zabo su 11 ne, sunayensu suna bangon ƙarshe na littafin shirin darasi. A farkon zangon da ya wuce akwai waɗanda a cikinsu ko wasula biyar ba su iya rarrabewa. Yanzu suna haɗa baƙi da wasali su fitar da gaɓa, wasu har sun fara haɗa gaɓa biyu su ce kalma. Wata huɗu muka yi kafin mu kawo nan, kuma na ga yadda hutun Disamba ya kusan mayar da mu baya, sai da na sake mako biyu ina tisa abin da muka riga muka wuce. Ba na son a sake samun giɓin mako guda.

Ga yadda muke yi. Da an shigo daga asambule, ki ba Balbela da Tantabara littattafan, shafi na 18 zuwa 21, kowane benci a samu ɗan Balbela ɗaya yana jan sauran. Monita Fatima da mataimakinta Abba sun san aikin, za su riƙe miki su. Ke kuma ki shimfiɗa tabarmar da ke bayan ƙofa ki zauna da 'yan Zabo minti 20. Katunan gaɓoɓi suna cikin ledar da na ɗaure da roba. Ki ɗaga kati, yaro ɗaya ya karanta, ba duka tare ba. In kika bari suka yi amshi gaba ɗaya za ki ji kamar kowa ya iya, alhali biyu ne suka karanta sauran suna bin bakinsu. Wannan makon muna kan baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. Ina rubuta musu kalmomi biyu-biyu, kafa da ƙafa, baki da baƙi, kara da ƙara, su faɗa, su nuna wanne ne wanne, sannan su rubuta da yatsa a ƙasa kafin su taɓa fensir. Kada ki shiga ts da ky da ƙw tukuna, ki bar mini su.

Akwai Musa a cikinsu, wanda har yanzu yana juya b da d. Ya san bambancin sautin sarai, hannunsa ne bai zauna ba. Kada ki ja masa jan biro a kai, ki sa ya sake rubutawa kusa da wanda ya yi kuskuren. Ita kuma Zainab ƙarama ba ta magana a gaban aji, amma a kan tabarma tana karantawa a hankali in kika matso da kunnenki. Ranar Laraba ta karanta "tsinke" ita kaɗai, kalmar da ban ma koya musu ba. Don Allah ki yaba mata ko da sau ɗaya ne a makon.

A lissafi muna kan debewa mai aro. Kuskuren da za ki gani a fiye da rabin ajin iri ɗaya ne. In kika ba su 52 − 27, sai su rubuta 35, don sun ga ba a cire 7 daga 2, sai su juya su cire 2 daga 7. Faɗa ba ya gyara wannan, tsinke ne yake gyara shi. A jakar buhun nan akwai tsinke ɗaure goma-goma. Ki sa yaro ya ɗauki dami 5 da tsinke 2, ki ce ya ba ki 27. Zai tsaya yana kallonki. Ki jira, kada ki gaya masa. Da kansa ko da taimakon na kusa da shi zai kwance dami ɗaya, ya zama yana da dami 4 da tsinke 12, ya cire 7 saura 5, ya cire dami 2 saura 2, ya ga 25 a gabansa. Sai bayan nan ki hau allo ki rubuta abin da hannunsa ya yi. Litinin da Talata ki tsaya a kan tsinke kawai. Laraba su yi guda shida a littafi, na rubuta su a shirin darasi. Ranar Alhamis ku yi wasan kanti, marafen kwalba su ne kaya, takardun da na yanka na rubuta wa 5, 10, 20, 50 da 100 su ne kuɗi. Za ki sha mamaki, yaran da ke talla da yamma sun fi kowa saurin fitar da canji, har waɗanda a takarda ba sa tsinana komai. Jadawalin sau 3 da sau 4 kuma su rera shi minti biyar kafin a fita tara.

Turanci da sauran darussa ki bi jadawalin da ke manne a bango, ba wani abu mai wuya a ciki. Malam Idris yana shigowa da kansa don darasin addini ranar Talata da Alhamis. A kimiyya mun shuka wake a gwangwanaye huɗu, biyu a taga, biyu a cikin kabad inda babu haske. Aisha da Kabiru ke ba su ruwa. Ranar Laraba ki fito da su duka, yara su kwatanta launin ganye da tsawon kara, su zana abin da suka gani. A asambule kuwa da yawa har yanzu baiti na biyu na taken ƙasa da aka dawo da shi a 2024 bai zauna musu ba, in kin samu sarari ki tisa musu.

Yanzu maganar lafiya, kuma wannan tsakanina da ke ne, kada yara su ji. Umar, wanda ke zama a benci na biyu ta gefen bango, yana da sikila. Sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwon. Ya bar rigar sanyinsa a jiki ko da ba kalar yunifom ba ce, ya sha ruwa duk lokacin da ya so, ya fita bayan gida ba sai ya tsaya roƙo ba. Ba ya shara, ba ya gudu a fili da sanyin safe. In ya ce ƙafarsa ko bayansa ko ƙirjinsa yana ciwo, ko kika ji jikinsa da zafi, kada ki ce ya kwanta ya huta zuwa tashi. Ki aika wa hedimasta nan take, lambar mahaifiyarsa tana ofis. Yaron ba ya ƙorafin banza, in ya yi magana to ciwon ya kai.

Halima ba ta ji sosai da kunnen hagu, shi ya sa take gaba ta hannun da kunnenta na dama ke fuskantar allo. Kada ki canza mata wuri, kuma ki juyo ki fuskance ta in kina ba da umarni. Sadiya takan makara kusan kullum don sai ta kai ƙannenta wajen kakarsu, mahaifinsu ya rasu a watan Nuwamba. Hedimasta ya sani, mai gadi ma ya sani. In ta shigo ki bar ta ta zauna ba tambaya.

Ba na duka a ajin nan, ina roƙonki ke ma kada ki yi. In hayaniya ta yi yawa ina tafawa sau uku, su amsa da tafi uku su naɗe hannu, sun saba. Bashir da Nura za su gwada ki ranar farko, ba makawa. Raba musu benci kawai ya isa, in kuma kika ba Bashir aikin goge allo kin gama da shi. Aikin gida kada ya wuce tambaya uku, kusan dukansu suna Islamiyya da yamma, wasu kuma sai bayan isha'i suke samun zama.

A rufe tagogin gabas da safe saboda ƙura, a yayyafa ruwa kafin shara. Bayan tara ki sake ƙirga kai, don akwai masu zarcewa gida daga wajen mai awara. Ba a ba kowa yaro kafin tashi sai ta ofis, ko da ya ce shi kawunsa ne. Ranar Juma'a ana tashi da wuri, saboda haka bayan karatun safe ki yi musu shifta ta kalmomi goma da na rubuta a shafin ƙarshe na shirin makon, 'yan Zabo su yi biyar na farko kawai. Kada ki wahalar da kanki da makin, ki tattara takardun ki sa a kabad.

Abu ɗaya nake so ki bar mini: a bayan takardar nan ki rubuta sunan kowane ɗan Zabo da gaɓar da ya tsaya a kanta ranar Juma'a, da sunan duk yaron da ya yi fashin kwana biyu a jere, don in san gidan da zan fara leƙawa in na dawo.

Ki gaya musu ina gaishe su, kuma su sa Hajiya a addu'a. Allah ya ba ki haƙurin zama da su.

Yayarki,
Malama Rabi
Juma'a, 17 ga Janairu 2025