Rahoto kan wata ɗaliba mai yawan fashin makaranta

Wannan rahoton hedimasta ne yace in rubuta domin a karanta a zaman malamai na ƙarshen wata, kuma tunda zaman da malaman wasu makarantu ake yinshi, takardar zata bi hannuwa da yawa, shi yasa tun farko zan faɗi abubuwan da na ɓoye. Yarinyar zan dinga kiranta Ummi, ba sunanta bane, na zaɓe shi ne saboda kusan kowane gida akwai Ummi. Ban sa sunan makaranta ba, ban sa unguwa ba, ban sa nawa sunan ba dan wanda ya san ajina ya gama sanin rabin zancen. Har ranar da kasuwar garinmu take ci ban rubuta ba, zan ce ranar kasuwa kawai, domin a yankinmu kana faɗin ranar kasuwa ka faɗi gari, kana faɗin gari da abin da yarinya take sayarwa to ka nuna ta da yatsa. Mahaifiyarta ta san ina wannan rubutu, na karanta mata shi daga farko har ƙarshe, akwai wuri ɗaya da tace in cire, na cire. Littafin da na rubuta ainihin bayanan yana cikin akwatin ofishin hedimasta a kulle. Dan Allah wanda ya gane ta a cikinku ya riƙe a ransa.

Ummi tana ajin manya na firamare, shekarunta tsakanin 10 zuwa 12. Ba ta da surutu, ba ta da faɗa, irin yaran nan ne da sai ka kira suna a rajista kaji shiru sannan zaka tuna basu zo ba.

A zangon farko na ƙirga sati 12, wato kwana 60 na karatu. Ta zo 41, tayi fashi 19. Gaskiya da farko ni ma abin da na rubuta a gefen rajista shine "ba ta son karatu", yanzu in na ga rubutun kunya nakeji. Abin da ya canza min tunani wata rana ce na zauna haɗa jimillar sati-sati, sai naga sifirin nata ba a warwatse suke ba, a jere suke daga sama har ƙasa kamar an ja layi. Na ɗauko takarda na ware su, 10 daga ciki ranar kasuwa ne, 6 washegarin kasuwa, sauran 3 a jere suke cikin watan Oktoba lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara da yawa a ajin, wannan ba nata bane ita kaɗai. Na ranar kasuwa ban yi mamaki ba, duk malamin ƙauye ya san ranar kasuwa aji rabi ne. Na washegarin ne ya tsaya min a rai, kasuwa ta watse tun jiya, to me ya hana ta zuwa yau?

Ban kira ta gaban aji ba. Lokacin tara na ce ta taya ni kai littattafai ofis, muna tafe nace Ummi jiya lafiya? Tace lafiya lau Malama. Nace to ban ganki ba. Tayi shiru tana murɗa bakin hijabinta, ranar iyakar abin da na samu kenan. Sai a karo na uku, bayan kusan sati biyu, ta ce min "Malama ai ina zuwa, komawa nakeyi."

Ashe washegarin kasuwa da sassafe ita ake aika ta bi gidaje da shaguna ta karɓo kuɗin waɗanda suka ci bashi jiya, ta dawo ta wanke tukwane da robobi, kafin ta sa yunifom takwas ta gota. Mu kuma a bakin get dokarmu duk wanda yazo bayan asambule zai yi nildan, a yi masa bulala, sannan ya tsinci leda a filin makaranta har a fita tara. Tace in ta iso kwana ta leƙo, in taga an riga an tsare 'yan latti sai ta juya ta tafi gidan kakarta ta zauna har a tashi, sannan ta bi ayarin yara ta koma gida kamar daga makaranta take. Wato kwana shidan nan uwar ma bata san da su ba. Yarinya ta sa yunifom, ta taho har ƙofar makaranta, mu muka kore ta da bulalar da muke cewa ta gyara latti ce. Nasan wasu malamai ba zasu ji daɗin wannan maganar ba amma haka lissafin ya nuna, nima na sha tsayawa a get ɗin riƙe da bulalar.

Gidan na je da yamma bayan la'asar, ni kaɗai, ban tafi da rajista ba dan kar maƙwabta suga kamar ƙara na kawo. Mun gaisa, ta shimfiɗa min tabarma ta kawo ruwa, nace Maman Ummi zuwa nayi mu yi shawara ba faɗa ba. Ita ba ta fita kasuwa, a gida take haɗa abin sayarwa, yarinyar ce ƙafarta. Yanayin gidan da dalilin da yasa nauyin ya dawo kanta ta faɗa min, shine wurin da tace in cire, kuma ko bata ce ba ban ga abin da zai ƙara wa malamai ba in sun sani. Abin da ya shafe mu shine maganarta ɗaya, tace "Malama cinikin ranar nan shi muke ci har sati ya zagayo, in bata fita ba tukunya bazata hau wuta ba." Da na faɗa mata zancen washegari kuwa sai ta riƙe baki tana salati, har ta miƙe zata ƙwala wa yarinyar kira, da ƙyar na zaunar da ita nace dan girman Allah kar a dake ta, in aka dake ta bazata ƙara faɗa min komai ba.

Na san dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 tace karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9, kyauta ne kuma dole ne, har ta ɗora wa iyaye alhakin tura yaro. Amma ban karanto mata doka ba, matar da ke lissafin garin tuwon dare in ka kawo mata zancen hukunci cire yarinyar zatayi gaba ɗaya, mun ga hakan ba sau ɗaya ba.

Ɓangaren karatu kuwa akwai abin da ya bani haushi da dariya lokaci guda. A jarrabawar zangon farko lissafi ne ta fi faɗuwa, musamman rabawa mai dogon aiki, da na duba jadawalin ajinmu sai naga darasin lissafi mai zama biyu a jere ranar kasuwa yake faɗowa, kusan duk sabon abu a ranar nake farawa. Na gwada ta da baki nace mutum ya sayi abu na naira 150 guda uku ya baki dubu ɗaya, canjinsa nawa? Ban rufe baki ba tace 550 Malama. Na rubuta mata 450 a raba gida 3 a allo, ta tsaya tana kallon allon alli a hannu kamar bata taɓa ganin lamba ba. Nace to naira 450 ce ku uku zaku raba, tace ɗari da hamsin-hamsin. Kan yana ja, tsarin rubutawar ne aka koyar ranar da bata nan. Karatun Hausa tana yi daidai gwargwado, Turanci da sauran aiki, littafinta kuma duk giɓi ne, shafi a rubuce shafi fari.

Abin da muka yi ba mai yawa bane. Da uwar muka shirya cewa karɓo bashi ya koma yamma bayan an taso daga Islamiyya, tace wasu masu shagon ma sun fi biya da yamma tunda sun yi ciniki. Hedimasta ya yarda duk yaron da yazo latti a rubuta sunansa ya wuce aji, sharar ya yi ta bayan an tashi, mun yi wa kowa ne dan kar a ce me yasa ita kaɗai, wanda hakan ma tona ta ne. Na mayar da sabon darasin lissafi wata rana daban, ranar kasuwa bita kawai nakeyi, kuma wannan ya taimaki wasu yaran da ban ma yi niyyarsu ba. Sai na haɗa ta da wata ƙawarta da take ara mata littafi ta kwafa, ƙawar ban faɗa mata komai ba illa ta taimaka. Ranar kasuwa na roƙi a bar ta tazo da safe a kira suna ta tafi bayan tara, uwar tace zata gwada amma bata yi alkawari ba, dan cinikin safe ne mai ƙarfi.

Zango na biyu zuwa yau sati 6, kwana 30, tayi fashi 5. Huɗu ranar kasuwa, ɗaya rasuwa akayi a danginsu. Washegarin kasuwa ko ɗaya bata rasa ba, tazo latti sau uku ta shigo aji abinta. Ranar kasuwa biyu da tazo bata wuce ƙarfe goma ba. Matsalar ranar kasuwa tana nan, ba zan ce na magance ta ba, ta fi ƙarfin malamar aji. Shawarata a kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta a matsayin matsalar yaran talla gaba ɗaya ba tare da an ambaci gidan kowa ba, a ga ko shugabar mata ta kwamitin zata iya zama da iyaye mata. Sannan ina roƙon kowane malamin aji ya ware sifirin rajistarsa rana-rana kamar yadda nayi, aikin minti ashirin ne.

Zan sake ƙirga nata a ƙarshen zango in ƙara a ƙasan wannan takardar. Kwafi biyu ne kacal, ɗaya wurin hedimasta ɗaya wurina, bayan an karanta a zaman a dawo min da shi, kuma dan Allah kar wanda ya ɗauki hotonsa a waya.

Malamar ajin