Rahoton Tushen Zane: Ginin Shaguna, Ofisoshi da Gidajen Kwana a Unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, Kano

Bugu na biyu, 14 ga Afrilu, 2025. Daga injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, zuwa ga Alhaji mai gini, da mai zanen gini, da injiniyoyin wuta da na ruwa.

1. Dalilin rahoton

Wannan takarda ta tattara abubuwan da za a ɗora lissafin ginin a kansu: abin da aka auna, abin da aka zaɓa, da abin da aka ƙaddara saboda ba a kai ga tabbatar da shi ba tukuna. Ba a soma zanen rodi ba. Sai Alhaji ya sa hannu za a soma, kuma duk canjin da ya biyo bayan sa hannun sai an rubuta shi an sake lissafi. Bugu na farko ya fita kafin sakamakon gwajin ƙasa ya iso, don haka sashe na 3 sabo ne fil.

2. Fili da fasalin gini

Filin yana da faɗin mita 36 ta bakin titi da zurfin mita 40. Ginin zai ci mita 30 da mita 20, a bar mita 12 a gaba don ajiye motoci, mita 3 a kowane gefe, mita 8 a baya. Wannan tazara tana jiran amincewar KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano.

Ƙasa akwai shaguna 10 masu kallon titi, a bayansu sito 4 da ƙaramin masallaci da wurin alwala. Hawa na ɗaya ofisoshi ne. Hawa na biyu da na uku gidajen kwana 8, huɗu a kowane hawa, masu ɗaki uku da falo. Tsayin ginin zuwa rufi mita 14.

Masu gidajen suna da ƙofarsu da matakalarsu ta layin baya, yadda iyali ba za su ratsa ta cikin masu ciniki ba. Tagogin gefe da na baya za a ɗaga su yadda ba za a riƙa hango tsakar gidan maƙwabta ba. Alƙiblar Kano gabas ce maso arewa, kuma mai zane ya juya banɗakuna yadda mai zama ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba.

3. Ƙasa da harsashi

An haƙa ramukan gwaji huɗu a watan Maris. Uku sun ba da abin da aka saba gani a Kano: 'yar ƙasar sama, sai jar ƙasa da marmara mai tauri tun daga mita 1.2. Ɗakin gwaji ya ba da ƙarfin ɗaukar nauyi 240 kN/m² a zurfin mita 1.8. Mun ɗauki 200, saboda an yi gwajin a tsakiyar rani, lokacin da aka sami ruwa a mita 4.6. Mun ƙaddara cewa a watan Agusta zai iya tasowa zuwa mita 2.5, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta ɗaukar abin da busasshiya ke ɗauka.

Rami na huɗu, na kusurwar baya ta yamma, shi ya kawo magana. Har zurfin mita 3.5 babu abin da ke fitowa sai baƙar ƙasa mai wari, leda, fasassun bulo, har da tafin silifas. Wani dattijo da ke zama a gindin darbejiyar layin ya ce mana nan bakin kududdufi ne, sun sha wanka a ciki suna yara, daga baya aka yi ta zuba shara har ya cike. Takardar safiyo ba ta nuna shi ba. Ba abin mamaki ba ne a garin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana haƙar ƙasar gini a bayan gida, amma cikon shara ba ya ɗaukar bene, ko shekara nawa ya yi.

Fila 30 ginin zai tsaya a kai, tazararsu mita 6 ta faɗi, mita 5 ta zurfi. Filar tsakiya za ta sauke kusan 1,300 kN, don haka harsashinta zai zama mita 2.7 da mita 2.7. Fila huɗu sun faɗa cikin tsohon kududdufin. Su za a haƙa har a wuce cikon a taɓa ƙasar asali, wajen mita 4, a cike da kankare zuwa daidai da sauran, sannan a ɗaure duka harsashin da bim na ƙasa. Daɓen sitocin da ke wannan kusurwa za a rataye shi a kan bim, ba za a shimfiɗa shi a kan ciko ba. An duba zuba faifan kankare guda a ƙarƙashin ginin duka, aka bar shi: ya fi tsada, kuma gefe ɗaya a kan marmara, ɗaya a kan shara, ƙarshenta ginin ya karkata.

Iyakar kududdufin hasashe ne daga rami ɗaya da bakin dattijo. Muna buƙatar ƙarin ramuka uku kafin a ba da kwangila. Ramin mita 4 kuma ba a shigarsa sai an tokare gefensa, kuma a gama shi kafin ruwan Yuni.

4. Ƙa'idojin lissafi da nauyi

Za a bi Kundin Dokokin Gini na Ƙasa na 2006, da BS 8110 don kankare, BS 6399 don nauyi, BS 8004 don harsashi. A Birtaniya an maye gurbin na kankaren da na nauyin da ƙa'idojin Turai, amma su ne masu duba zane da 'yan kwangilarmu suka fi sani, kuma ba za mu gauraya tsari biyu a gini ɗaya ba. An yi lissafi a kan shekara 50. Haɗin nauyi na asali shi ne 1.4Gk + 1.6Qk, inda Gk ke nufin nauyin da ke zaune, Qk kuma nauyin masu amfani.

Nauyin da ke zaune: kankare 24 kN/m³, wato dakin, daɓen bene, mai kaurin milimita 175 yana da 4.2 kN/m², tayil da filasta da silin 1.2, bangon raba ɗakuna na bulo inci shida 2.0. Nauyin masu amfani: gidaje 1.5 kN/m², matakala da baranda 4.0, rufi 1.5, da ƙarin 0.3 na faifan sola.

Ofis a ƙa'ida 2.5 ne, amma mun sa wa hawa na ɗaya 4.0, nauyin shago. Duk wanda ya san filazojin Kano ya san ofishin bana shi ne shagon atamfa na baɗi. Ƙarin rodin da wannan zai ci bai taka kara ya karya ba.

Sito kuwa ƙasa kawai. Ƙa'ida tana ba wa ma'ajiyar kaya 2.4 kN/m² a kan kowace mita ta tsayin jibgi, wato jibgin mita biyu da rabi ya ninka nauyin gidan kwana sau huɗu. Buhu ya fi haka: shinkafa mai kilo 50, buhu biyu a murabba'in mita, a jera goma sama, tan guda ke nan a wurin da aka lissafa wa kilo 150, wato 1.5 kN/m² na gidan kwana. Ɗan kasuwar da ya kama gida a hawa na uku ya cika falo da diloli ba zai ga laifinsa ba, kuɗin haya ya biya. Shi ya sa muke roƙon a rubuta haramcin a cikin yarjejeniyar haya, ba a nan kaɗai ba.

Iska: mun ɗauki mita 45 a daƙiƙa, kafin hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta ba mu bayanan tashar filin jirgin Malam Aminu Kano. Guguwar farkon damina ce abin tsoro, musamman ga faifan sola da katangar saman rufi. Ba a sa girgizar ƙasa a lissafi ba, sai dai ɗaurin rodi da BS 8110 ta wajabta don kada lalacewar wuri ɗaya ta ja sauran.

5. Ƙashin gini da kayan aiki

Fila milimita 400 da 400 a ƙasa, bim 300 da 550. Gaban shagunan a buɗe yake, babu bangon da zai taimaka, don haka bangon kankare na matakalu biyu da na ramin lifta su za su tare turin iska. Filoli za su miƙe daga harsashi zuwa rufi ba tare da kaucewa ba. Mai zane ya so a janye biyu don falo ya faɗaɗa, mun ƙi.

Kankare mai ƙarfin 30 N/mm² a kwana 28, da siminti mai lamba 42.5, tsakuwar dutse da yashi wankakke. Za a ɗebi samfur a kowane zubi a fasa a kwana 7 da 28. Rodi kuma mun lissafa shi a 410 N/mm², ko da takardar mai sayarwa ta ce 460, kuma kowace mota da ta sauke sai an yanka an kai gwaji. A wani aiki mun taɓa auna rodin da aka sayar a matsayin milimita 16 muka sami 14 da ɗoriya. Rufin kankare a kan rodi milimita 25 a dakin, 35 a fila da bim, 50 a harsashi. Ban ruwa kwana 7 a ƙalla, da buhunan algarara a jiƙe, don iskar hunturu da zafin Afrilu suna shanye ruwan dakin kafin ya kama. In ana zafi, zubi da asuba ko bayan la'asar.

6. Gobara, wuta da ruwa

Ƙashin ginin zai jure wuta awa biyu. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta isa misali kan yadda kayan shago ke ci, ga shi kuma a nan mutane ne ke barci a sama. Kowane gida zai iya kaiwa ga matakalu biyun, kuma ƙarfen taga guda a kowane gida ya zama mai buɗuwa daga ciki. Ba sayar da gas ko fetur a shagunan. Za a miƙa zanen ga Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano.

Buƙatar wuta kusan 210 kVA ce, don haka taransifoma mai 300 kVA daga layin KEDCO na 11 kV, mita ga kowane ɗan haya, janareto a baya nesa da tagogi. An lissafa na'urorin sanyaya ɗaki a kan zafin waje digiri 42 da na ciki 24.

Ruwa: mutum 8 a kowane gida, lita 120 kowanne, da mutum 80 a shaguna da ofisoshi, lita 40 kowanne, kusan lita 11,000 a rana. Ba mu dogara da famfo ba. Rijiyar burtsatse a gaba ta gabas, tankin ƙasa mai lita 25,000, shadda da sokawe a baya, nesa da rijiyar. Tankunan sama biyu ne masu lita 5,000, wato tan 10, kuma a kan bangon matakala za su zauna. Kada a ƙara na uku a tsakiyar dakin. Daɓen shaguna zai ɗara titi da milimita 600 saboda ambaliyar kwata a watan Agusta.

7. Abin da ke jiran amsar Alhaji

A zaman 2 ga Afrilu Alhaji ya ce wataƙila nan gaba ya ƙara hawa ɗaya. Wannan lissafi bai ƙunshi hakan ba, kuma ba za a bar rodi a tsaye a saman rufi ba, don kada wani ya ɗauka izini ne. Idan ana son hawan, yanzu ne lokacin faɗa: harsashin tsakiya zai koma kusan mita 3 da mita 3, filolin ƙasa su ƙara kauri, a kuma sake neman izinin KNUPDA. Bayan an binne harsashi, babu wannan dama.

Muna jiran amsa a rubuce kan ƙarin hawan, da izinin haƙa ramuka ukun, kafin 28 ga Afrilu, 2025.