Neman jerin littattafan da zan karanta kafin fara digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam, ranka ya daɗe, barka da war haka. Ina fatan kana lafiya, da iyali da aiki.

Sunana Hadiza, ma'aikaciyar jinya ce ni a wata ƙaramar cibiyar lafiya a yankin Kuseri, lardin Arewa Mai Nisa na Kamaru, daf da kogin Lagon, muna kallon Injamena a tsallake. Ina cikin waɗanda aka ɗauka a bana domin digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma a Jami'ar Bayero, kuma na ga sunanka a kan darasin ilimin yaɗuwar cututtuka na zangon farko. Saura kamar wata uku in taso zuwa Kano. Roƙona shi ne ka taimaka mini da jerin abin da ya kamata in karanta kafin in iso, ko da guda huɗu ne ko biyar, ka kuma nuna mini wanda zan fara da shi.

Na rubuto da Hausa ne saboda duk karatuna, tun daga firamare har digirin farko, da Faransanci na yi shi. Ina karanta Turanci in gane, amma a hankali, da ƙamus a gefe. Na ga gara in faɗa maka gaskiyar inda nake da harshen da ba zan yi tuntuɓe a cikinsa ba.

Shekarata bakwai ina wannan aiki, kuma ni ce mai haɗa rahoton ƙarshen wata. Ina zama da manyan rajistocin nan masu baƙin bango, na awon ciki da na rigakafi da na marasa lafiya, in bi su layi-layi da biro ina ƙirgawa, in cike takarda, a kai gunduma a shigar a manhajar tattara bayanan lafiya ta DHIS2. Daga nan ba na sake jin labarin alƙaluman. Na iya tara su sarai, amma ban san yadda ake zama a binciki abin da suke nufi ba, kuma wannan ne ya sa na nemi wannan karatu.

Bari in ba ka misalin da ya hana ni barci. Bara lissafinmu ya nuna mun yi wa kashi 130 cikin ɗari na yaran yankinmu rigakafin ƙyanda. Aka yaba mana a taro. Bayan 'yan watanni sai ga ƙyanda ta ɓulla a wata unguwa da ba ta fi tafiyar minti ashirin a babur daga cibiyarmu ba. Na je da kaina, na shiga gida-gida ina neman katin rigakafi, a gidaje da yawa babu. Wata uwa ta fito mini da katin ɗanta daga cikin leda a ƙasan akwati, allura ɗaya tak aka rubuta, ta ranar haihuwa. To su wa muka yi wa allurar da ta kai kashi 130? Na san matan Cadi suna tsallako gadar Ngeli da 'ya'yansu su zo wurinmu, namu ma suna zuwa can. Na san ambaliyar 2024 ta tashi mutane da yawa daga ƙauyukansu ta jibge su a wasu wurare. Na kuma san adadin jama'ar da ake ba mu mu raba da shi hasashe ne da aka ɗora a kan ƙidayar 2005. Ke nan da wanda muke ƙirgawa da wanda muke rabawa da shi duk akwai matsala. Na hango matsalar, amma ban san sunanta a ilimance ba, ban kuma san yadda masana suke gyara ta ba. Idan akwai babi ko maƙala da ta yi bayanin yadda ake auna yawan waɗanda rigakafi ya isa gare su ta hanyar binciken gida-gida, da yadda ake zaɓen gidajen ba tare da son rai ba, ita nake so in fara riƙewa.

Na biyu, lissafin ƙididdiga. A nan ne tsorona ya fi yawa. Na yi shi zango ɗaya kawai a digirin farko, kuma haddace shi muka yi domin jarrabawa. Ina buƙatar littafin da ya fara daga tushe, mai atisaye da amsoshi a baya, domin ni kaɗai zan zauna da shi da dare. Ina amfani da Excel sosai, na kuma taɓa Epi Info sau biyu a wani horo. Wace manhaja sashenku yake koyarwa da ita? Idan R ce, sai in sauke ta tun yanzu tunda kyauta ce, in fara saba hannu.

Sai abin da ya shafi yankinmu. Kamaru ta shigar da rigakafin maleriya cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, kuma tun 2016 ake rabon maganin kariya na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 a lardunan Arewa da Arewa Mai Nisa. Na yi wannan rabon da ƙafata, cikin taɓo, wata huɗu a jere. Iyaye mata sukan tambaye ni: tunda ga allura ta zo, me ya sa za a ci gaba da ba yaro ƙwayar nan mai ɗaci? Ina ba su amsar da aka koya mana, cewa ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya, haka ma gidan sauro. Amma ina so in karanta ainihin binciken da aka gina wannan amsa a kai, in iya rarrabe bincike mai ƙarfi da mai rauni da kaina. Haka ma kwalara, wadda ba ta san iyaka ba tsakanin Kamaru da Cadi da Najeriya da Nijar. A kanta nake tunanin rubuta kundina, idan ka ga tunanin yana da kan gado.

Sanarwar Alma-Ata ta 1978 da tsarin Bamako na 1987, waɗanda suka shafi kiwon lafiya a matakin farko, mun karanta su a makaranta, don haka wannan ɓangaren ba zai ba ni wahala ba. Abin da ban sani ba shi ne tsarin lafiya na Najeriya, yadda aka raba aiki tsakanin tarayya da jiha da ƙaramar hukuma. Mu a nan da gundumar lafiya muka saba. Ko taƙaitaccen rubutu ɗaya ya ishe ni, don kada in zauna a aji ana ba da misalai ina bin bakin mutane da kallo.

Game da yadda za su iso ni: intanet a nan yana zuwa yana ɗaukewa, wuta ma haka. Idan akwai waɗanda ake samu kyauta a PDF, sun fi mini sauƙi, sai in sauke su cikin dare in kai a buga mini a takarda. Wanda kuma sai an saya, yayana yana zuwa Kantin Kwari sarin atamfa kusan duk wata, zai iya taho mini da shi idan ka faɗa mini shagon da ake samu. Na ware jaka arba'in na sefa domin wannan, shi ya sa nake so in san wanda ya zama dole da wanda zai iya jira har in samu a ɗakin karatu. Idan wani daga cikinsu yana da fassarar Faransanci, don Allah ka ambata mini, in riƙa karanta su gefe da gefe har kalmomin Turancin su zauna.

Na san aiki ya yi maka yawa, ga ɗalibai ga jarrabawa. Ko jerin da ka ba 'yan ajin bara ne ka turo mini yadda yake, ya wadatar, zan fara da shi a wannan makon. Ina da sa'a biyu kowane dare bayan sallar isha'i, da kuma ranar Lahadi gaba ɗaya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da ɗaukaka, ya saka da alheri.

Ɗalibarka,
Hadiza
Kuseri, Kamaru