Darasin Fiziks na aji uku: yadda maganaɗisu ke tura caji da waya

Ɗalibai, ku fara riƙe wannan: maganaɗisu ba ruwansa da cajin da ke zaune wuri ɗaya. Sai caji ya motsa, ya ratsa layukan filin maganaɗisu, sannan ƙarfi ya same shi. Ƙarfin kuwa ba gaba yake tura shi ba, ba baya ba, gefe yake kai shi. Girmansa shi ne:

```
F = qvB sin θ
```

q caji ne, v gudunsa, B ƙarfin filin da ake aunawa da tesla, θ kuma kusurwar da ke tsakanin v da B. In cajin ya bi layin filin sak, θ sifili ne, ƙarfi babu. In ya gitta shi a digiri 90, nan ƙarfin ya fi yawa.

To, ina zai nufa? Ku ajiye biro, ku buɗe hannun dama sosai. Yatsu huɗu su nuna inda filin ya dosa. Babban yatsa ya nuna inda cajin ke tafiya. Inda tafin hannu ya fuskanta, kamar za ka tura ƙofa, can ƙarfin ya nufa. Gwada: yatsu huɗu arewa, babban yatsa gabas. Dole tafinka ya kalli sama. Ke nan furoton da ke gudu gabas a filin da ya dosa arewa sama za a ɗaga shi. Ilektiron kuwa cajinsa kishiya ne, don haka ka juya amsar: ƙasa zai yi. A nan na fi ganin ɗalibai suna zubar da maki, kuma abin yana damuna, domin lissafinsu daidai ne.

Da yake turin kullum ta gefe yake zuwa, ba ya ƙara wa caji gudu, ba ya rage masa. Lanƙwasa masa hanya kawai yake yi, har ya riƙa zagaye in ya shigo a gicciye.

Waya mai ɗauke da wutar lantarki taron cajin da ke tafiya ce, shi ya sa ita ma ake tura ta:

```
F = BIL sin θ
```

L tsawon wayar ne. Babban yatsa yanzu ya bi inda wutar I ke kwarara, daga `+` zuwa `−`. Ɗauki waya mai tsawon mita 0.2, ɗauke da amfiya 5, gicciye a filin tesla 0.4:

```
F = 0.4 × 5 × 0.2 = 0.4 N
```

Juya batir, wayar ta koma ɗaya ɓangaren. Wannan turin ne Michael Faraday ya sa ya juya waya a 1821, shi ne kuma ke juya injin lantarki irin na fankar ajinmu.

A wasu littattafanku za ku tarar da dokar hannun hagu ta Fleming. Amsarsu ɗaya ce. Zaɓi guda ka saba da ita, kada ka gauraya su.

Aikin gida: wuta na kwarara yamma, filin ya dosa ƙasa. Ina wayar za ta nufa? Gobe kowa zai nuna mini da hannunsa.