Takardar Tayin Aiki: Shugaban Kicin a Gidan Abincinmu na Titin Shari'a Mansur, Makka

Assalamu alaikum Malam Habu, ƙanena, da fatan kana lafiya da iyali can gida, ya zafin Jidda.

Kamar yadda muka yi magana ranar da ka zo ka ɗanɗana mana miyar kuka ka ce daddawa ta yi kaɗan, to ga shi na rubuta maka komai a Hausa dan ka karanta a tsanake kafin na tura maka aƙadin, wato kwantiragin, ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya. Ka san na Qiwa da Larabci yake kuma shi ne hukuma take dubawa in an samu saɓani, shi yasa duk abin da ka gani a nan shi za ka gani a can, in ka ga ko riyal ɗaya ya bambanta kar ka danna amincewa, ka kira ni tukuna.

Aikin da nake maka tayi shi ne shugaban kicin. Za ka fara ranar Asabar 1 ga Nuwamba 2025, aƙadin na shekara ɗaya ne, zai ƙare 31 ga Oktoba 2026, kuma duk lissafinmu da watan miladiyya za mu yi, dan hijiriyya ta gaza da kusan kwana 11 a shekara kuma na ga mutane sun yi rigima a kan wannan kaɗai. Kwana 90 na farko na gwaji ne, a cikinsu ni ko kai kowa zai iya cewa abin bai yi masa ba a rabu lafiya ba diyya, sai dai kuɗin kwanakin da ka yi aiki wannan dole na biya ka cif.

Maganar kuɗi nan ne zan daɗe, dan nan na taɓa ƙonewa. Wanda ya riƙe kicin ɗin nan kafin kai, mutumin kirki ne wallahi, a baki muka yi da shi na ce dubu uku ya ce to, ni a raina har da kuɗin gida a ciki, shi kuma a ransa dubu uku tsabarsa gida daban, muka yi shekara biyu ba wanda ya tayar da maganar sai ranar da zai tafi, har sai da muka je zaman sulhu a ofishin ƙwadago, yanzu ko a masallaci muka haɗu gaisuwar sama sama ce, kuma har yau abin yana damuna. To kai ga naka a fayyace. Asalin albashi riyal 2,400. Kuɗin gida riyal 600. Kuɗin mota riyal 240. Jimla riyal 3,240 duk wata, shi ne zai shiga akawun ɗinka na banki daga 1 ga wata, ba zai wuce 5 ga wata ba ko kasuwa ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ba na biyan albashi a hannu, ta banki kawai, dan ya zama ni da kai kowa yana da sheda. Abincin rana da na dare a nan za ka ci kyauta ba a cire maka komai. In ka fi son ka zauna a ɗakin da ke saman shagon tare da yaran to ba laifi, amma ka sani 600 ɗin gida zai fita daga lissafi, sai ka faɗa min zaɓinka kafin a rubuta aƙadi dan ba na son a canza shi a tsakiyar wata.

Kuɗin canja kafala zuwa wajenmu, sabunta iƙama, lasisin aiki, inshorar asibiti da katin lafiya na baladiyya, wato hukumar birni, duk a kaina suke, ba za a taɓa albashinka da sunansu ba. Fasfonka kuma yana hannunka, ba na riƙe fasfon kowa. In ka karɓi bashi a wajena za mu rubuta mu sa hannu, kuma abin da za a dinga cirewa ba zai wuce kashi 10 cikin 100 na albashinka a wata ba. Faranti ya fashe ko miya ta ƙone sau ɗaya wannan sha'anin kicin ne ba ruwanka, amma in aka bar firiza a buɗe naman tsire ya lalace saboda sakaci to za mu zauna a duba da hujja kafin a cire komai, kuma ko an cire ba zai wuce kuɗin kwana 5 a wata ɗaya ba.

Lokacin aiki awa 8 a rana kwana 6 a sati, wato awa 48. Ka shigo 10 na safe, ka huta daga 3 zuwa 4, ka tashi 7 na yamma, salla kuma in lokacinta ya yi ba sai ka nemi izini ba. Hutunka na sati ranar Lahadi ne, dan Juma'a bayan an sauko daga masallaci nan ne cinikinmu yake, amma za ka je Juma'arka ka dawo. Duk awar da ka ƙara bayan takwas ɗin nan obataya ce kuma ga yadda na lissafa: in aka raba 3,240 gida 240, wato kwana 30 sau awa 8, awarka ɗaya riyal 13 da rabi ce, sai a ƙara rabin awar asalin albashi wato riyal 5, ya zama riyal 18 da rabi duk awa. Akwai littafi mai jan bango a rataye kusa da injin markaɗe, duk daren da ka ƙara lokaci ka rubuta ka sa hannu Nura mai kanta ya sa nasa, abin da ba a rubuta a ranar ba kar mu zo ƙarshen wata muna jayayya a kansa. Da azumi awa 6 ne a rana kamar yadda doka ta ce, kuma gaskiya ba zan ɓoye maka ba da azumi da lokacin Hajji sai mu kai sahur muna tuya, alhazan Najeriya da Nijar layi suke yi a kan masa da kunun gyaɗa, to da azumi duk abin da ya haura shidan nan shi ma 18 da rabi ne.

Abin da ke wuyanka: tuwon shinkafa da na masara, miyan kuka da taushe da kuɓewa, masa, dambu, da haɗa yajin tsire, shi yajin kai kaɗai nake so ka dinga haɗawa dan kar ɗanɗano ya dinga canzawa. Yara uku ne a ƙarƙashinka, kai za ka raba musu aiki. Kai za ka rubuta kayan cefane duk dare ka turo min kafin ka tafi, ka duba kwanan watan da ke jikin kaya, ka tabbata kowa ya sa hular kai da safar hannu, saboda 'yan baladiyya ba sa sallama in za su shigo, kai tsaye firiza suke buɗewa su leƙa ƙarƙashin tukwane. Karɓar kuɗi a kanta ba aikinka ba ne, kai abinci gidajen mutane ba aikinka ba ne, wankin banɗaki ma haka, kuma ba za a tura ka gidana ka yi girki ba. In wata larura ta taso aka buƙaci ka riƙe wani abu daban zan nemi yardarka a rubuce. Aikin biki ko suna da gidan abincin ya karɓa in ya faɗo bayan lokacinka obataya ce. Amma dan Allah ƙanena kar ka karɓi girkin biki na kanka a waje, na san matan unguwa za su neme ka da zarar sun ɗanɗana hannunka, iƙamarka a kanmu take kuma in aka kama ka kana yi wa wani aiki ni da kai duk za mu sha tara.

Hutun shekara kwana 21 ne da cikakken albashi, in Allah ya sa ka cika shekara 5 da mu ya koma 30. Ka faɗa min wata biyu kafin lokacin da kake so, sai dai daga farkon Ramadan har a gama Hajji ba na ba da hutun shekara, gara ka ji yanzu. Tikitin zuwa Kano da dawowa sau ɗaya duk shekara biyu a kaina, da kuɗin bizar fita da dawowa. Hutun ƙaramar salla da babba da ranar 23 ga Satumba da 22 ga Fabrairu haƙƙinka ne, in ka yi aiki a cikinsu a biya ka obataya. Rashin lafiya da takardar likita kwana 30 na farko albashi cikakke, 60 na gaba kashi uku cikin huɗu.

Sai maganar rabuwa, wadda ba a son yi tun ba a fara ba amma dole a yi ta. In ɗayanmu ba ya son a sabunta aƙadin, zai sanar da ɗayan kwana 60 kafin 31 ga Oktoba, a rubuce, da kwanan wata, saƙon WhatsApp zuwa lambar da ke cikin aƙadi ya wadatar amma saƙon murya ko aike ta bakin wani bai zama sanarwa ba. In ba wanda ya ce komai aƙadin ya sabunta kansa shekara ɗaya da sharuɗɗan nan. In kuma a tsakiyar shekara ne ka samu inda ya fi maka ko gida ya kira ka, ka ba ni kwana 60 ɗin nan kana aiki kana koya wa wanda zai gaje ka, ni kuma na yi alkawari zan amince da murabus ɗinka, ba zan nemi diyya ba kuma ba zan tare maka canja kafala ba. Wanda duk ya yanke aƙadin haka kawai ba dalilin da doka ta yarda da shi, ni ne ko kai ne, zai biya ɗayan albashin wata biyu, riyal 6,480, na sa adadin ne tun yanzu dan in ba a rubuta ba lissafin kan koma kuɗin duk watannin da suka rage.

Kuɗin sallama ana lissafa shi da jimlar albashinka na ƙarshe, rabin wata a kowace shekara cikin biyar ɗin farko, wato 1,620 a yadda albashin yake yanzu, bayan nan wata guda guda. In aƙadi ya ƙare da kansa ko ni na ƙi sabuntawa za ka karɓa duka. In kai ka yi murabus kafin shekara 2 babu, daga 2 zuwa 5 kashi ɗaya cikin uku, daga nan zuwa 10 kashi biyu cikin uku, wannan tsarin doka ne ba son raina ba. Duk haƙƙinka har da kuɗin hutun da ba ka ci ba zan biya cikin sati ɗaya in daga wajena ne, cikin sati biyu in daga wajenka ne, tare da takardar shedar aiki.

Ka nuna wa wanda ka yarda da shi ya karanta maka, ko Kawu Ɗanladi tunda shi ya haɗa mu, in akwai inda bai kwanta maka ba ka faɗa a gyara, ba zan ji haushi ba ko kaɗan. Ina jiran amsarka a rubuce zuwa ranar Alhamis 16 ga Oktoba, ka haɗo da hoton iƙamarka da lambar IBAN ɗinka, ka kuma faɗa min ɗakin sama kake so ko kuɗin gida.

Allah ya sa albarka a ciki, ka gaida mutan gida.

Yayanka,
Alhaji Isa